Tun ran gini ran zane: Yadda ake tankaɗe takardun masu neman aiki, da inda ake zubar da na ƙwarai

Duk wanda ya taɓa tura takardar neman aiki ya ji shiru, yakan yanke hukuncin cewa ko dai ba a buɗe takardar ba, ko kuma an riga an ba ɗan wani gurbin. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa abin da ya faru ya fi haka sauƙi, ya kuma fi ban takaici: an buɗe takardar, an auna ta da ma'aunin da aka tsara tun kafin a fitar da talla, kuma ma'aunin ne bai da kyau.

Kamfanonin dillancin ma'aikata, wato masu nemo wa wasu kamfanoni mutanen da za su ɗauka, ba sa fara aiki daga tarin takardu. Suna farawa ne daga zama da mai neman ma'aikacin, su ji abin da yake so, su rubuta. Wannan rubutun shi ne rariyar da za a zuba kowace takarda a ciki. Idan ramukanta sun yi ƙanana, gari mai kyau zai tafi tare da tsaki. Saboda haka dillalin da ya san aikinsa ba ya karɓar buƙatar mai kamfani yadda ta zo. Yana ja da shi, kuma wannan jayayyar ce mafi muhimmancin abin da ake biyan sa dominsa.

Zaman farko da mai kamfani

A ɗauka, a matsayin misali, wani kamfanin rarraba kayan masarufi mai babban sito a Kano yana neman jami'in kula da sito guda ɗaya. Manajan ya kira dillali ya ce yana son mai digiri da sakamako mai kyau, wanda bai wuce shekara 28 ba, ya yi aiki na shekara biyar, mai gaskiya da kuzari.

Dillalin da ke gaggawa zai rubuta wannan ya tafi. Wanda ya ƙware zai gyara zama ya fara tambaya. Me wannan mutumin zai yi ranar Litinin da safe? Kaya iri nawa ne a siton, kuma mota nawa ke shiga da fita a rana? Mutum nawa ne a ƙarƙashinsa? Me ya sa wanda ke wurin a da ya tafi? Nawa ne albashin, kuma har Asabar ake aiki?

Daga amsoshin ne ainihin buƙatar ke fitowa. A wannan misalin, sai ta bayyana cewa an sallami na baya ne saboda duk ƙarshen wata abin da ke rubuce a kwamfuta ba ya daidai da abin da ke jibge a sito, ga kuma kayan da wa'adinsu ya ƙare a can ƙurya saboda ana fitar da sabbi a bar tsofaffi. Ashe ba digiri ne ya yi wa kamfanin ƙaranci ba. Abin da yake nema shi ne mutumin da ya iya ƙidayar kaya, ya iya daidaita ƙidayar da lissafin da ke rubuce, ya kuma iya tsayawa a kan 'yan dako da direbobi.

Sharaɗin shekaru ma ba ya jure lissafi. Kafin mutum ya tara shekara biyar na aiki yana ɗan 28, sai ya gama karatu yana ɗan 22, ya kammala hidimar ƙasa yana ɗan 23, ya kuma samu aiki washegari. Wanda yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya rutsa da shi, ko ya yi shekara biyu yana neman gurbin karatu, ya fita ke nan, ba don ya kasa aikin ba. Haka sharaɗin digiri yake kore masu babbar difloma ta HND, alhali kwalejojin kimiyya da fasaha suna koyar da harkar saye da adana kaya a matsayin fanni mai zaman kansa.

A ƙarshen zaman, dillali yana raba buƙatun gida biyu. Gida na farko shi ne na dole, wanda duk wanda bai cika ba ya fita. A nan sharuɗɗa huɗu ne: aƙalla shekara uku na riƙe sito mai kayan da ke da wa'adi, iya daidaita ƙidaya da lissafi a kwamfuta, zama a Kano ko amincewa da komawa can tare da aikin Asabar, sai yarda da albashin da aka ware, a ce naira 250,000 a wata. Gida na biyu shi ne na ƙarin daraja: sanin manhajar da kamfanin ke amfani da ita, shugabantar ma'aikata, jin Hausa da Turanci. Waɗannan ba sa fitar da kowa, maki kawai suke ƙarawa.

Sannan a rubuta, a tura wa manajan ya amince. Ba don tsari kawai ake yin haka ba. Ranar da ya ƙi wani saboda “bai kwanta masa ba”, akwai takardar da za a ɗauko a tambaye shi wane sharaɗi mutumin ya saɓa.

Me ya sa ba a karanta kowace takarda?

An fitar da talla, cikin mako biyu takardu 640 suka shigo. Idan mutum ɗaya zai ba kowace minti uku kacal, zai ci minti 1,920, wato awa 32, kwana huɗu cur na aiki ba tare da ya ɗaga kai ba. Kuma idon da ya karanta takarda ta 20 da safe ba shi ne ke karanta ta 150 da yamma ba. Shi ya sa ake yin tankaɗe da rairaya hawa-hawa, a fara da abin da ba ya bukatar tunani, a adana tunani don inda ake bukatarsa.

Rashin yin hakan ma yana da nasa bala'in. A watan Maris na 2014, an kira dubban ɗaruruwan masu neman aikin Hukumar Shige da Fice ta Najeriya zuwa filayen wasa a rana ɗaya, domin guraben da ba su kai 5,000 ba, bayan kowa ya biya naira 1,000. Mutane sun mutu a turmutsitsi. Da an rage yawan a kan takarda tun farko, da ba a tara jama'a haka ba. Tantancewa ba zalunci ba ce a kanta. Tambayar ita ce da wane ma'auni aka yi ta.

Hawa na farko shara ce kawai. Akwai wanda ya turo sau uku don ya tabbatar ta isa, akwai wanda ya manta bai haɗa takardar ba, akwai mai neman aikin direba da ya jefo tasa ko Allah zai sa a dace. A misalin nan an cire 80, saura 560.

Hawa na biyu shi ne na sharuɗɗan dole. Dillalai da yawa suna saka su a matsayin tambayoyi a fom ɗin da mai nema ke cikewa: shekara nawa ka yi kana riƙe sito, za ka zauna a Kano, ka yarda da wannan albashi? Amsoshin suna sauka a jadawali a kwamfuta, a tace su cikin 'yan mintuna. A nan 390 suka fita, saura 170. Wannan hawan ne ya fi kowane zubar da mutane, kuma shi ne ake yi cikin mafi ƙarancin lokaci. Duk sharaɗin banza da aka bari ya shiga jerin dole, a nan yake yin ɓarnarsa ba wanda ya gani.

Tarkon neman kalma

Inda ba a yi amfani da fom ba, jami'in tantancewa yakan nemi kalmomi ne a cikin takardun tarihin karatu da aiki, waɗanda kowa ya fi sani da CV. Ana rubuta su da Turanci, kuma aiki ɗaya yana da sunaye da yawa. Idan jami'in ya nemi kalma ɗaya tak, ya rasa duk wanda tsohon wurin aikinsa ke kiran muƙamin da wani suna. Mai lura yakan faɗaɗa neman kamar haka:

```
storekeeper OR "store officer" OR "inventory officer" OR warehouse
```

Ko da hakan, akwai waɗanda ba za su fito ba. Mutumin da ya ɗauki hoton takardarsa da waya ya turo, a wurin kwamfuta hoto ne kawai, sau da yawa ba ta ganin kalma ko ɗaya a ciki. Haka takardar da aka cika da ado da akwatuna, wani lokaci manhajar kan hargitsa ta, ranakun aiki su rabu da sunayen wuraren. Dillalin kirki yana ware irin waɗannan ya buɗe da hannu. Wanda ba ruwansa yakan bar su su nutse, sannan ya ce wa mai kamfani babu ƙwararru a kasuwa.

Karatu da takardar maki

Takardu 170 da suka rage su ne ake karantawa da gaske. A minti uku-uku, awa takwas da rabi ke nan, abin da mutum biyu za su iya rabawa. A nan ne ake amfani da takardar maki da aka tsara daga zaman farko. A misalin nan maki 100 ne: 40 ga girman siton da mutum ya riƙe da kamanninsa da na kamfanin, 30 ga shaidar ƙidaya da daidaita lissafi, 20 ga manhaja, 10 ga shugabanci da harshe.

Abin da mai karatu ke nema shaida ce, ba kirari ba. Ga takardu biyu. Ta farko ta mai digiri ce, an tsara ta da kyau, ta ce mai ita yana da himma, yana aiki da jama'a lafiya, kuma shi ke “kula da harkokin sito” a wani kamfani na shekara huɗu. Ba ta faɗi girman siton ba, ba ta faɗi irin kayan ba. Ta biyu ta mai HND ce, har da kuskuren rubutu biyu, amma ta ce mai ita ya riƙe siton kayan abinci mai kaya iri 900, yana ƙidaya duk ƙarshen wata, yana fitar da kayan da wa'adinsu ya fi kusa kafin sauran, kuma 'yan dako 12 ne a ƙarƙashinsa.

Idan da ido kawai za a bi, ta farko ce za ta burge. A takardar maki kuwa, ta farko za ta iya samun 20 a girman sito saboda babu bayani, 5 a ƙidaya, 15 a manhaja, 5 a shugabanci, jimla 45. Ta biyu ta samu 35, da 28, da 10, da 9, jimla 82. Amfanin takardar maki ke nan: tana tilasta wa mai karatu ya nuna layin da ya ba shi hujja.

Ana kuma duba abin da ke ta da shakka. Ranakun aiki biyu da suka hau kan juna, ko mutumin da ya ce ya zama manaja a shekarar da yake aji biyu a makaranta, ko wanda ya canza wuri biyar cikin shekara uku. Waɗannan ba hujjar kora ba ce, tambayoyi ne da za a ajiye don kiran waya. Haka giɓin shekara ɗaya ko biyu: yana iya zama haihuwa, ko jinya, ko kamfani ne ya rufe. Wanda ya ɗauki kowane giɓi a matsayin aibi, mata zai fi zubarwa ba tare da ya yi niyya ba.

Akwai kuma abin da bai kamata mai karatu ya gani ba a wannan matakin. A wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa a 2004, sun tura takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a biranen Boston da Chicago na Amurka, suna sauya sunayen da ke kai. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka saba ji a wurin fararen fata sun samu kira fiye da masu sunayen baƙaƙe da kimanin kashi 50 cikin 100. A Najeriya, inda aka saba rubuta jihar asali da addini da ranar haihuwa a saman takarda, har da manna hoto, ƙofar son rai a buɗe take. Rufe waɗannan kafin a ba da maki ba ya cin kuɗi, layuka ne kaɗan ake ɓoyewa a jadawali.

Matakai biyu da ake yawan tsallakewa

Na farko shi ne gwajin ma'auni. Bayan an ba takardu goman farko maki, sai a tura wa manajan, a ce ga waɗanda suka hau, ga waɗanda suka faɗi, ya yi daidai da abin da yake nufi? Sau da yawa a nan ne yake tuna abin da bai faɗa ba, misali cewa wanda ya riƙe siton siminti bai san matsalar wa'adi ba. Gyara a kan takarda goma ya fi gyara a kan 170 sauƙi.

Na biyu shi ne komawa kwandon shara. Wani jami'in daban ya ɗauko takardu 20 daga cikin 390 da aka fitar, ba tare da zaɓe ba, ya karanta su sosai. Idan babu na kirki a ciki, rariyar tana aiki. Idan kuwa ya samu uku da suka cancanta, to lissafi ya nuna cewa mai yiwuwa kusan 60 ne aka zubar a banza, kuma dole a nemo tambayar da ta jawo hakan. Wataƙila mutumin da ya yi shekara biyu da wata goma ya amsa da gaskiya cewa bai kai uku ba, yayin da wani ya ƙara wa kansa. Aikin awa ɗaya ne, amma shi kaɗai ne hanyar da dillali zai san kuskurensa, domin wanda aka zubar ba ya dawowa ya yi ƙorafi.

Daga 30 zuwa biyar

Masu maki mafi yawa, a ce 30, su ake kira a waya, minti 15 kowanne, aikin yini guda. Ana tabbatar da albashi da wurin zama da ranar da mutum zai iya farawa, sannan a yi tambaya ɗaya ko biyu da wanda bai taɓa aikin ba ba zai iya amsawa ba. Misali: kwamfuta ta ce katan 500, ƙidaya ta ba da 488, daga ina za a fara? Wanda ya san sito zai ce a sake ƙidaya, a duba takardun shigowa da fitar kaya na kwanakin baya, a duba kayan da suka lalace ko aka dawo da su ba a rubuta ba, kafin a zargi kowa da sata. Wanda ya kwafi takardar wani zai fara kame-kame.

Daga nan a rage su zuwa 12, a ba su ɗan gwaji a kwamfuta, a duba takardun makaranta da shaidar hidimar ƙasa ko ta ɗauke nauyinta, a tuntuɓi tsofaffin wuraren aikinsu da izininsu. Biyar ake miƙa wa mai kamfani, kowanne da ɗan bayani na abin da ya ƙware a kai da inda yake da rauni. Dillalin da ya miƙa mutum biyar babu ko aibi ɗaya a bayaninsu talla yake yi, ba tantancewa ba.

Hujjar masu cewa a bi mai kuɗi

Masu sana'ar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Mai kamfani ne ke biya, shi zai zauna da ma'aikacin, kuma idan dillali ya cika gardama akwai wani a waje da zai ce to. Ga kuma yadda ake biyan kuɗin: a tsarin da ya fi yawa, dillali ba ya samun komai sai an ɗauki mutumin da ya kawo, wani lokaci ma dillalai biyu ko uku ne ke tsere a kan gurbi ɗaya. Wannan yana tura kowa ga sauri, kuma sharaɗi irin na shekaru ko digiri shi ne hanya mafi sauri ta rage tari.

Sai dai saurin yana dawowa ya ci mai shi. Yarjejeniyoyi da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa idan wanda aka ɗauka ya tafi ko aka sallame shi cikin 'yan watannin farko, dillali zai nemo wani kyauta. Awa biyu da aka ƙi kashewa a zaman farko sai su koma mako uku na aikin da ba biya. Alamomin tantancewar da ta lalace kuma a fili suke: duk mutum biyar sun fito daga makaranta ɗaya ko yanki ɗaya, ko manajan ya ƙi su duka ba tare da ya iya faɗin dalili ba, ko wanda aka zaɓa ya ji albashi ya juya. Kowanne daga cikinsu yana komawa ne ga tambayar da ba a yi ba a ranar farko.

Akwai kuma iyakar da biyan kuɗi ba ya ɗagewa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa masu wannan sana'a samun lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1997 kuma Najeriya ta amince da ita a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa dillali ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki, ta kuma hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko asali. Wanda ya ce a biya “kuɗin tantancewa” kafin a duba takarda, tarin ne kasuwarsa, ba gurbin ba.

Mai neman aiki ba shi da iko a kan rariyar, amma yana iya sauƙaƙa wa mai karatu: ya turo rubutu ba hoto ba, ya kira aikinsa da sunan da ke cikin talla idan aikin ɗaya ne, ya kuma faɗi adadi, kaya iri nawa, mutum nawa, sau nawa a wata. Nauyi mafi girma kuwa yana kan mai kamfani. Kafin ya biya dillali, ya nemi ganin abu uku: sharuɗɗan dole a rubuce, takardar makin da aka yi amfani da ita, da sakamakon dubawar da aka yi wa waɗanda aka fitar. Dillalin da ya kasa nuna su bai tantance takardu 640 ba, ya ɗebi biyar ne daga sama.